Takardar ₦1,000 a Kan ₦920: Nawa Ce Ribarta ta Gaskiya?

A ce malamin makaranta ne ya yi ritaya, garatutinsa ya fito, yana neman inda zai sa kuɗin su riƙa kawo masa wani abu. Ya je wurin dillalin hannun jari, dillalin ya ce masa: "Malam, akwai takardar bashin gwamnati da saura shekara biyar wa'adinta ya cika. Kowace guda ta naira dubu ce, tana biyan kashi 12 cikin ɗari a shekara, amma yau ₦920 ake sayar da ita." Malam ya yi shiru, can ya ce: "To ɗana, idan na saya na riƙe har ƙarshe, kashi nawa na samu ke nan?"

Tambayar tana da kyau, kuma amsarta ba 12 ba ce. Kashi 12 ɗin an lissafa shi ne a kan naira dubun da ke rubuce a jikin takardar, wato ₦120 duk shekara, alhali shi malam ₦920 kawai zai fitar daga aljihunsa. Wani zai yi sauri ya raba 120 da 920 ya ce ai kashi 13.04 ne. Shi ma bai kai ba, domin ya manta cewa ranar da wa'adi ya cika, naira dubu cif za a mayar wa malam, da ƙarin ₦80 a kan abin da ya biya. Amsar da ake nema lamba ɗaya ce da ta haɗa duka ukun: abin da ake biya duk shekara, ƙarin da ke zuwa a ƙarshe, da tsawon jiran kowannensu. Ita ce za ka gani a allon dillalai an rubuta YTM. A nan zan riƙa kiranta ribar zuwa wa'adi.

Kafin mu shiga lissafi, ya kamata a san dalilin da zai sa takardar naira dubu ta faɗo ₦920. Takardar bashi, ko takardar lamuni kamar yadda ake ji a labarai, alkawari ce da ba ta canzawa: gwamnati ta karɓi kuɗi, ta rubuta abin da za ta riƙa biya da ranar da za ta mayar da uwar kuɗi. A Najeriya Ofishin Kula da Basussuka, wanda aka kafa a shekarar 2000, shi ke fitar da irin waɗannan takardu a madadin Gwamnatin Tarayya. Alkawarin yana nan daram, amma kasuwa tana motsi. A cikin shekarar 2024 kaɗai Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari. Idan sababbin takardu sun fito suna biyan fiye da tsofaffi, mai tsohuwa da ke son sayarwa ba shi da dabarar da ta wuce ya sauke farashi. Ba wanda zai ba shi naira dubu a kan takardar kashi 12 alhali ga wadda ta fi ta a gefe.

Na san da yawa daga cikin masu karatu ba sa kusantar takardar da ke biyan kuɗin ruwa, kuma hukuncin wannan na malamai ne. Kalmar riba a wannan rubutu ta 'yan kasuwa nake nufi, abin da ya hau kan jari. Amma lissafin ya shafe su su ma. Sukuk na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100 mai wa'adin shekara bakwai, kuɗin haya ya riƙa biya, kashi 16.47 cikin ɗari a shekara. Duk wanda ya sayi irinsa daga hannun wani, a farashin da ya bambanta da na asali, wannan tambayar ta malam ce a gabansa, kuma ta hanya ɗaya ake amsa ta.

Kuɗin baɗi a darajar yau

Tushen komai shi ne naira ɗari ta yau ta fi naira ɗari ta baɗi. Idan kana da inda kuɗinka zai haifi kashi 14 cikin ɗari a shekara, ₦100 ta yau za ta zama ₦114 baɗi. Juya maganar: wanda ya yi maka alkawarin ₦114 baɗi, abin da ya ba ka a darajar yau ₦100 ne. Don haka kuɗin da zai zo bayan shekara ɗaya ana raba shi da 1.14 a samu darajarsa ta yau. Wanda zai zo bayan shekara biyu a raba shi da 1.14 sau biyu, na shekara uku sau uku, haka har ƙarshe. Gwargwadon nisan kuɗi, gwargwadon ƙanƙancewarsa.

Malam zai karɓi kuɗi sau biyar. Don sauƙin bayani mu ɗauka sau ɗaya ake biya a shekara: ₦120 a kowace daga shekaru huɗun farko, sannan ₦1,120 a ta biyar, wato biyan ƙarshe haɗe da uwar kuɗi. Ribar zuwa wa'adi ita ce kason da, idan aka yi amfani da shi wajen dawo da waɗannan biyar ɗin zuwa darajar yau, jimillarsu za ta faɗa daidai kan ₦920. A rubuce, inda r ke tsaye a madadin kason da muke nema:

```
920 = 120/(1+r) + 120/(1+r)^2 + 120/(1+r)^3 + 120/(1+r)^4 + 1120/(1+r)^5
```

Wanda ya yi aljebra a sakandare zai so ya tattara komai gefe guda ya bar r shi kaɗai. A nan hakan ba ya yiwuwa. Da biya ɗaya ne tak a ƙarshe, da an fitar da r kai tsaye. Amma a nan r ya bayyana sau biyar, kowanne da nasa ninki, har zuwa ninki na biyar, kuma tun 1824 masanin lissafin nan ɗan Norwe, Abel, ya tabbatar da cewa babu wata ƙa'ida guda ta tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da ciro saiwa da ke warware kowane lissafi mai ninki biyar. Takardar shekara ashirin kuwa ba a ma magana. Abin da ya rage shi ne a bi ta ɗaya ɓangaren: idan ka ba ni r, fitar da farashi abu ne mai sauƙi. To sai mu yi ta ba da r muna duba farashin da ya fito, har mu dace.

Tayi na farko da na biyu

Aikin ya yi kama da ciniki a kara. Ka taya, a ce albarka, ka san ka yi ƙasa. Ka ƙara, a sallama da sauri, ka san ka zarce. Kuɗin gaskiya yana tsakanin tayin biyu.

Ba a fara tayi da ka. Tunda farashin ya gaza naira dubu, mun riga mun san amsar ta haura 12, ta kuma haura 13.04. Akwai wata gajeriyar dabara ta samun wurin farawa: a raba ƙarin ₦80 ɗin a kan shekara biyar, ₦16 ke nan a shekara, a haɗa da ₦120 ya zama ₦136, sannan a raba shi da tsaka-tsakin 920 da 1,000, wato 960. Abin da ya fito kashi 14.17 ne. Wannan kintace ne kawai, amma ya nuna mana unguwar da amsar take. Sai mu fara da 14.

A kan kashi 14, ₦120 ta shekarar farko ta koma ₦105.26 a darajar yau. Ta biyu ₦92.34, ta uku ₦81.00, ta huɗu ₦71.05. Babban biyan shekara ta biyar, ₦1,120, ya koma ₦581.69. Jimilla ₦931.34.

A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, don haka mu tsaya kaɗan. Jimillar ta fi 920. Shin ƙara kason za a yi, ko ragewa? Zuciya takan ce tunda abu ya yi yawa a rage. Akasin haka ne. Abin da 931.34 ke cewa shi ne, mai neman kashi 14 zai yarda ya biya har ₦931.34. Malam kuwa a ƙasa da haka zai samu, ya saya da araha, saboda haka ribarsa ta fi 14. Farashi da riba kamar ma'aunin sikeli suke, idan ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Jimilla ta fi farashin kasuwa, a ɗaga kaso. Ta gaza, a sauke shi.

Mu gwada 15. Yanzu da 1.15 ake rabawa, sai biyar ɗin su koma ₦104.35, ₦90.74, ₦78.90, ₦68.61 da ₦556.84. Jimilla ₦899.44. Wannan karon mun faɗo ƙasa da 920. An ritsa amsar ke nan: ta fi 14, ba ta kai 15 ba.

Mutum zai iya ci gaba da gwaji, 14.5, 14.25, 14.4, yana matse ta har ta fito. Amma kowane gwaji rabawa biyar ne, kuma lambobi biyun da ke hannunmu sun riga sun faɗi fiye da abin da muka karanta a cikinsu.

Raba tazara

Dubi abin da muke da shi kamar tafiya tsakanin gari biyu. Daga kashi 14 zuwa 15, farashi ya sauko daga 931.34 zuwa 899.44, tazarar ₦31.90. Mu kuwa ba ƙarshen hanya za mu ba, a 920 za mu sauka, kuma daga 931.34 zuwa 920 tazarar ₦11.34 ce. Wane kaso na hanyar muka ci? A raba 11.34 da 31.90, a samu 0.3555, ɗan sama da sulusi. Idan farashi ya ci sulusin hanyarsa da ɗoriya, sai mu ɗauka riba ma ta ci sulusin tata hanyar da ɗoriya, daga 14 zuwa 15.

```
r = 14 + (931.34 - 920) / (931.34 - 899.44) × (15 - 14)
r = 14 + 0.3555 = 14.36
```

Ribar malam zuwa wa'adi ta kusa kashi 14.36 cikin ɗari. Akwai saurin dubawa da ido kafin a yarda da lambar: 920 ya fi kusa da 931.34 a kan 899.44, don haka dole amsar ta fi kusa da 14. Wanda ya samu 14.64 ya auna tazarar daga ƙarshen da ba shi ba, ya kuma ɗora a kan 14. Kuskure ne da ake yawan yi, kuma wannan kallon guda ɗaya ke kama shi.

Dabarar nan ta girmi kasuwar takardun bashi nesa ba kusa ba. Malaman hisabi na Larabawa suna kiranta hisabul khaɗa'aini, lissafin kuskure biyu: ka yi kuskure ta sama, ka yi kuskure ta ƙasa, ka ciro daidai daga tsakaninsu. Fibonacci ya shigar da ita littafinsa na 1202 da wannan suna na Larabci. Sunan yana burge ni, domin ya faɗi aikin gaba ɗaya: gwajin da bai dace ba ba asara ba ne, muddin ka rubuta girman kuskurensa.

Inda layin ya lanƙwashe

Sai dai a cikin raba tazarar nan mun shigar da wani zato ba tare da mun faɗa ba. Mun ɗauka farashi yana sauka da gudu ɗaya tun daga 14 har 15, kamar miƙaƙƙen layi. Ba haka yake ba, kuma takardar malam da kanta za ta nuna mana. A kashi 12 farashinta ₦1,000 ne cif. A 13 ya koma ₦964.83, ya faɗi da ₦35.17. Daga 13 zuwa 14 ya faɗi da ₦33.49. Daga 14 zuwa 15 kuma da ₦31.90. Kowane taki faɗuwar tana raguwa. Idan aka zana shi a takarda, abin da zai fito ya yi kama da igiyar shanya da aka ɗaura daga saman katanga zuwa wani guntun turke: tana gangarowa da ƙarfi da farko, sannan ta yi ta kwantawa. Layin da muka ja tsakanin maki biyu shi ne zaren da aka ɗame tsam tsakaninsu, igiyar kuwa kullum tana ƙarƙashinsa.

Wannan yana da sakamako mai amfani: ga takarda irin ta malam, kuskuren raba tazara gefe ɗaya yake faɗawa. Kullum amsar takan ɗan zarce gaskiya, ba ta gazawa. Mu gwada mu gani. Idan aka mayar da 14.36 cikin lissafin, jimillar ₦919.68 ce, ta gaza 920 da kobo 32. Idan aka sa 14.35, jimillar ta faɗa kan ₦920.00. Ainihin amsar ke nan, 14.35. Kuskurenmu bai fi ɗigo ɗaya a gurbi na biyu ba, abin da ba zai canza shawarar kowa ba.

Amma hakan ya faru ne don gwajin namu biyu suna maƙwabtaka. Ga abin da zai faru da mai gaggawa, wanda ya ce bari ya ɗauki 10 da 20 don ya tabbatar amsar tana tsakani. A kashi 10 farashin ₦1,075.82 ne, a kashi 20 kuma ₦760.75. Raba tazara tsakaninsu zai ba shi 14.95. Lissafinsa ba kuskuren tarawa ko rabawa, kowane mataki daidai, amma ya zarce gaskiya da fiye da rabin kaso. A kan jarin naira miliyan goma, wannan giɓin ya kai wajen ₦60,000 a shekara, ribar da ya sa a ransa kuma ba za ta zo ba. Gwargwadon nisan turakun biyu, gwargwadon yadda igiyar ke nutsewa ƙasa da zaren. Takarda mai dogon wa'adi kuma ta fi lanƙwasa, don haka a kan ta shekara ashirin kuskuren ya fi haka muni.

Shawarata ita ce kada tazarar gwaji biyu ta wuce kaso ɗaya, ɗaya ya kasance sama da farashin kasuwa ɗaya ƙasa, kuma duk amsar da ta fito a mayar da ita cikin lissafin a ga ko ta haifi farashin. Idan ba ta haifa ba, ita kanta ta zama sabon gwaji. Mai gaggawar nan, da ya gwada 14.95 ɗinsa, zai ga farashin ya fito wajen ₦901, ya gane ya zarce, ya sake raba tazara a ƙaramin fili.

Wani zai ce ai kwamfuta na yin wannan cikin ƙiftawar ido. Gaskiya ne. A Excel wannan layin ya isa:

```
=RATE(5,120,-920,1000)
```

Zai ba da 14.35%. Amma ita ma kwamfutar ba ta da wata ɓoyayyiyar ƙa'ida. Gwaji take yi tana gyarawa, tana farawa daga kashi 10 idan ba ka ba ta wurin farawa ba, kuma idan ta yi zagaye ashirin ba ta dace ba sai ta rubuta `#NUM!`. Haka kuma idan ka manta alamar ɗebewa a gaban 920, wadda ke nuna kuɗin fita ne, ba za ka samu amsa mai ma'ana ba. Wanda ya taɓa yin aikin da hannu sau ɗaya shi ke gane lambar banza idan ta fito a allo.

Takardar gaske

Misalinmu ya sauƙaƙa abu biyu da malam zai tarar a kasuwa. Na farko, manyan takardun bashin Gwamnatin Tarayya duk wata shida suke biya. Takardar malam za ta ba shi ₦60 sau goma, don haka lissafin na zango goma ne, kuma kason da ake gwadawa na rabin shekara ne. A kashi 7 jimillar ₦929.76 ce, a 7.5 kuma ₦897.04. Raba tazara ya ba da 7.15. Al'adar kasuwa ita ce a ninka shi biyu a ce kusan 14.3 a shekara. Wanda ya ga 14.3 ya gaza 14.35 zai zaci biyan wata shida ya fi muni, alhali ya fi kyau, tunda kuɗin na zuwa da wuri. Idan aka bar ribar wata shidan farko ta haifi tata a wata shida na biyu, 7.15 sau biyu ya kai kusan 14.8 a shekara. Lambobin biyu da mudu daban aka auna su, kuma kafin a kwatanta takarda da takarda sai an tabbatar mudun ɗaya ne. Takardar adashen gwamnati ta ƙananan masu saye, wadda aka fara a 2017 kuma ake shiga da ₦5,000, duk wata uku take biya, don haka nata zangon huɗu ne a shekara.

Na biyu, da wuya ranar ciniki ta dace da ranar biya. Idan wata uku sun wuce tun biyan ƙarshe, mai sayarwa yana da haƙƙin rabin ₦60 mai zuwa, kimanin ₦30, kuma malam ne zai ba shi a kan farashin. Abin da zai fita daga aljihunsa ₦950 ne ko da allo na nuna 920. A lissafi 950 ɗin za a sa, sannan a tuna cewa biyan farko saura rabin zango ne kawai. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya zai samu amsar da ta kauce.

Akwai kuma abin da nake so malam ya ji kafin ya sa hannu. Kashi 14.35 ba ya nufin ₦920 ɗinsa za ta yi ta ninkuwa da wannan gudun har shekara biyar. Hakan zai faru ne kawai idan duk ₦120 da ta shigo ya sake zuba ta inda za ta haifi 14.35 ita ma, ya kuma riƙe takardar har wa'adi, mai bashin kuma ya biya a kan kari. Idan ya riƙa ajiye kuɗin a asusun da ba ya haihuwa, a ƙarshen shekara biyar zai tarar da ₦1,600 a kan kowace ₦920, wanda idan aka baje shi ya zo kusan kashi 11.7 a shekara. Idan kuma larura ta sa ya sayar a shekara ta biyu, farashin wannan ranar ne zai yanke abin da ya samu. Lissafin kuma da naira yake magana, bai san abin da naira dubu za ta saya a kasuwar hatsi bayan shekara biyar ba.

Duk da haka lambar tana yin aikin da aka ƙirƙire ta dominsa. Idan dillalin ya ajiye wa malam wata takardar ta shekara biyar mai biyan kashi 16 a kan ₦1,070, ido zai tafi kan 16. Gwaji a kashi 14 zai ba da ₦1,068.66, ƙasa da abin da ake nema a biya, wato ribarta ba ta ma kai 14 ba. Ta kashi 12 a kan ₦920 ta fi ta.